Marubuta Fim, Ku Faɗa Musu Ƙarshen Labarin

'Yan'uwana marubuta fim, ku da kuke zama rubutu bayan sallar isha'i idan an rufe shago ko an tashi daga aiki, ku da kuke buga fitowa bayan fitowa a waya kafin caji ya ƙare, ku da darakta ke kira daga lokeshin yana cewa a turo sin na gaba yanzun nan, akwai shafi guda ɗaya da nake so mu tsaya a kansa. Shi ne taƙaitaccen labarin da ake nema idan mutum zai shiga gasar rubutun fim, wanda 'yan sana'a ke kira sinofsis. Kun riga kun yi aiki mai wuya, kun rubuta shafi casa'in ko ɗari. Abin da ke damuna shi ne yadda marubuci mai basira yake faɗuwa a kan wannan shafi ɗaya, kuma sau da yawa dalili guda ne: ya ɓoye ƙarshen labarinsa.

Na san inda wannan ɗabi'a ta samo asali. Mun tashi muna kallon tallan fim, inda ake nuna kuka da mari da gudu, sannan a ce ku nemi faifan ku ga yadda za ta kaya. Mun saba da bayan littafi, inda ake jero tambayoyi: shin za ta aure shi, shin asirinsa zai tonu? Wannan salon yana da wurinsa, domin mai kallo ake so a ja. Amma alƙalin gasa bai zo kallo ba, ya zo aiki ne. Tambayar da ke ransa ita ce ko wannan marubucin ya iya ɗaukar labari daga tushe ya kai shi ƙarshe ba tare da ya zube a hanya ba. Fara labari kowa ya iya, duk majalisa akwai masu farawa. Kammalawa ita ce sana'ar, kuma ita ce kuke ɓoyewa idan kuka rufe shafin da tambaya.

Ku dubi halin da mai karantawar yake ciki. Gasar Nicholl ta hukumar da ke ba da kyautar Oska, wadda aka fara a 1986, a wasu shekarun ta karɓi rubutu fiye da 7,000. Cibiyar Sundance, wadda Robert Redford ya kafa a 1981, a zagayen farko na shirinta na marubuta shafi biyar na farkon rubutun take nema, tare da taƙaitaccen labari da wasu bayanai, sai wanda ya tsallake ake cewa ya turo cikakken rubutun. A nan Afirka ma, mai neman shiga Durban FilmMart a Afirka ta Kudu ko Ouaga Film Lab a Burkina Faso ba zai tsere wa taƙaitaccen labari ba. Ke nan a wurare da dama wannan shafin ne zai yanke hukuncin ko za a buɗe sauran shafukanku. Mutumin da ke da tarin takardu a gabansa ba zai kira ku a waya ya tambayi abin da ya faru da jarumar ba. Zai ɗauka ba ku san ƙarshen ba, ko kuma kun sani amma ba ku yarda da shi ba, ya ajiye ya ɗauki na gaba.

Ku ɗauki Sholay, fim ɗin 1975 da Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta, wanda da wuya a sami gidan da ba a san shi ba a Kano ko Zinder. A ce marubutan sun taƙaita shi da cewa wani tsohon ɗan sanda ya ɗauko ɓarayi biyu su kamo masa ɗan fashi, sai a kalla a ga ko za su yi nasara. Da sun ba da labarin da aka ji sau ɗari. Abin da ya sa fim ɗin ya zauna a zukata yana cikin abubuwan da mai talla zai ɓoye: cewa ɗan fashin, Gabbar Singh, ya sare hannayen Thakur, tsohon ɗan sandan, cewa Jai, ɗaya daga cikin ɓarayin, ya mutu, kuma cewa kwabon da yake jefawa duk lokacin da za su yanke shawara fuska iri ɗaya gare shi gaba da baya, don haka shi ya zaɓi ya tsaya ya mutu abokinsa ya tsira. Wanda ya cire waɗannan daga taƙaitawarsa ya cire hujjar gwanintarsa da hannunsa.

To bari mu yi aikin a gabanmu, da labarin da na ƙirƙira don wannan bayani. Sunan fim ɗin Uwar Adashi. Ga yadda da yawanmu za su fara taƙaita shi:

"Wannan labari ne mai taɓa zuciya a kan amana da soyayyar uwa. Ladidi mace ce mai gaskiya da kowa ke girmamawa, amma wata rana ƙaddara ta faɗa mata, rayuwarta ta juye. Shin za ta zaɓi ɗanta ko mutuncinta? Fim ne mai cike da darasi da ban tausayi wanda zai girgiza masu kallo."

Ku ƙirga abubuwan da suka faru a cikin waɗannan jimloli huɗu. Babu ko ɗaya. An yabi labarin, an yi masa kirari, amma ba a ba da shi ba. Wace ƙaddara ce ta faɗa mata? Me ta aikata? Wa ta cuta? Irin wannan sakin layi zai hau kan fim ɗari ba tare da an canza komai ba sai suna, kuma wannan ita ce alamar farko da za ku gane cewa shafinku bai yi ba. Yanzu ga cikakken shafin:

"LADIDI, mai shekara 46, tana sayar da atamfa a kasuwar Rimi, kuma shekara goma sha biyar ke nan tana riƙe da adashin mata ashirin ba a taɓa neman sisi an rasa ba. Kuɗin a cikin kwalla suke kwana, ƙarƙashin gadonta. Kwasar wannan wata, naira dubu ɗari shida, ta TALATU ce, bazawara da za ta aurar da 'yarta nan da mako uku, kuma ta riga ta yi wa kafinta alkawari. Da asubar ranar kwasa Ladidi ta buɗe kwalla ta tarar da ita wayam. Ɗakin autanta SANI a buɗe yake, jakarsa ba ta nan. Ya daɗe yana zancen Agadas.

Ladidi ta ce wa matan ɓarawo ne ya shigo. Da suka tambayi wa ke shiga ɗakinta, sai wata ta ambaci ISIYA, almajiri ɗan shekara 13 da ke yi mata shara da ɗebo ruwa. Ladidi ta san gaskiya, ta yi shiru. 'Yan sanda suka tafi da yaron. Ta shiga haɗa kuɗin a ɓoye don ta biya Talatu a rufe maganar a saki Isiya: ta sayar da 'yan kunnenta na gado, ta karyar da atamfofinta, ta jinginar da rumfarta. Kullum tana kai wa Isiya tuwo a ofishin 'yan sanda, yana yi mata godiya yana kiranta Inna. Talatu, da ke ganin an cuci Ladidi, ita ce ke zuwa tana ba ta haƙuri.

Saura kwana uku biki kuɗin suka cika. A daren waya ta shigo daga Agadas: waɗanda Sani ya biya su tsallaka da shi sahara sun tsare shi, suna neman dubu ɗari shida. Ladidi ta ɗaure kuɗin a zaninta ta nufi tasha. A hanya ta biya ta kai wa Isiya abinci na ƙarshe, sai ta iske an shirya kai shi kotu da safe. Yaron ya roƙe ta kada ta gaya wa malaminsa, don kada labari ya kai ƙauyensu a ce ɗansu ɓarawo ne.

Ba ta hau motar ba. Da safe ta tara matan ashirin a tsakar gidanta, ta ajiye kuɗin a gaban Talatu, ta faɗi sunan wanda ya ɗauka da sunan wadda ta yi shiru. Aka saki Isiya; ya wuce ta gabanta bai dube ta ba. Matan suka karɓe littafin adashi daga hannunta. Bayan biki, Talatu ta zo da dare da mata tara, sun kafa sabon adashi, kwasar farko ta Ladidi ce: dubu ɗari uku, rabin kuɗin fansa. Ladidi ta hau motar Agadas da rabin a ƙugunta. Fim ɗin ya ƙare a nan, ba a nuna ko ta ceto Sani ba. Hoto na ƙarshe littafin adashi ne a hannun Talatu, sunan Ladidi a cikin jerin masu zubi kamar na kowa."

Wannan bai kai kalma ɗari biyar ba, kuma zai zauna a shafi ɗaya. Ku lura da yadda aka raba filin. Sakin layi na farko shi ne kashi na ɗaya na fim ɗin: wace ce ita, me take da shi da za ta iya rasawa, da abin da ya fasa zaman lafiyarta. Na biyu da na uku su ne tsakiya, kuma sun cinye kusan rabin shafin, kamar yadda kashi na biyu ke cinye kusan rabin fim a tsarin kashi uku da Syd Field ya yaɗa a littafinsa na 1979. Na huɗu shi ne ƙarshe. Ba dole ba ne kowane labari ya bi wannan ma'auni daidai, amma ku auna naku da shi. Cutar da ta fi kama mu ita ce mu ƙarar da kashi biyu cikin uku na shafin muna gabatar da dangi da unguwa da tarihin aure, sannan mu tattare minti sittin na fim a jimla biyu, mu ce "bayan gwagwarmaya mai yawa". Duk inda kuka ga kun rubuta "bayan gwagwarmaya mai yawa" ko "abubuwa suka caɓe", ku tsaya, nan ne kuka binne fim ɗinku. Ku tono shi ku faɗi gwagwarmayar: 'yan kunne, atamfa, rumfa.

Abin da ke nuna tsari ya wuce jerin aukuwa, dalili ne da ke ɗaure wannan da wancan. Ku gwada wannan a kan shafinku: tsakanin kowace jimla da mai bi mata, ku sa "saboda haka" ko "amma". Kuɗi sun ɓace, saboda haka ta yi ƙarya. Ta yi ƙarya, saboda haka aka kama yaro. Ta haɗa kuɗin, amma waya ta shigo. Ta nufi tasha, amma ta ga Isiya. Inda ba abin da ya shiga sai "sannan kuma", to wannan fitowar ba ta ɗaure da komai ba, kuma matsalar mai yiwuwa a cikin rubutun fim ɗin take, shafin dai ya tona ta ne. Kada wannan ya karya muku gwiwa. Gara ku gano ramin a shafi ɗaya a ɗakinku da alƙali ya gano muku shi a shafi na hamsin. Shi ya sa nake ganin ya kamata a rubuta taƙaitawar tun kafin a ce an gama gyara, don ta nuna inda za a koma.

Akwai jimla guda a wancan shafi da komai ya rataya a kanta: ta san gaskiya, ta yi shiru. Marubuci mai son jarumarsa zai ji kamar ya sakaya wannan, ya bar alƙali ya gano a cikin rubutun. Idan ya sakaya, Ladidi ta koma baiwar Allah da ƙaddara ta faɗa wa, irin wadda muka gani har mun gaji. Da wannan jimlar kuwa ta zama mai laifi da muke tausayi, kuma tuwon da take kai wa yaron ya zama abin da ke ƙona zuciya. Ku nemo irin wannan jimla a labarinku, wato wurin da jarumi ya zaɓa da kansa, ku rubuta ta ƙarara. Jarumin da abubuwa ke faɗo masa kawai daga farko har ƙarshe, a shafi ɗaya ake gane shi, domin duk jimlolin za su fara da "aka".

Wani zai ce ai ga shi nan ni ma ban faɗi ko an ceto Sani ba. Bambancin yana da muhimmanci. Ni na faɗi inda fim ɗin ya tsaya, na faɗi hoton ƙarshe, na kuma faɗa a fili cewa ba a nuna makomar Sani ba. Alƙali ya san duk abin da mai kallo zai sani idan fitila ta kunnu. Tambayar fim ɗin tun farko ita ce ko Ladidi za ta faɗi gaskiya, kuma an amsa ta. Buɗaɗɗen ƙarshe zaɓi ne na marubuci, kuma halal ne a sana'a. Ɓoyayyen ƙarshe kuwa rowa ce ga wanda kuke neman ya yarda da ku.

Sai maganar murya, wadda ta fi rikita mutane. An ce a nuna salon marubuci, sai wani ya ɗauka ana nufin ya cika shafin da karin magana da manyan kalmomi, ko ya buɗe da wa'azi a kan lalacewar zamani. Muryarku tana cikin abin da idonku ya zaɓa. Kwalla a ƙarƙashin gado, alkawarin kafinta, yaro yana cewa Inna, tsoronsa kada labari ya kai ƙauye: waɗannan ne ke gaya wa mai karatu cewa wanda ya rubuta ya san tsakar gidan nan, ya san nauyin kunya a cikinta. Marubucin da ke Landan ko Legas zai iya tsara kashi uku, amma ba zai san cewa abin da ya fi ba almajiri tsoro shi ne kunnen malaminsa ba. Wannan dukiyarku ce, kuma ita ce ba a koyarwa a kowane littafi. Abu uku ko huɗu irin waɗannan sun isa shafi ɗaya. Idan suka yi yawa sai su danne labarin.

Murya tana kuma cikin tafiyar jimla. Fim ɗin Ladidi mai nauyi ne, shi ya sa jimlolin suke gajarta a wuraren da abu ya yi zafi: ba ta hau motar ba. Da barkwanci ne, da shafin kansa ya kamata ya sa murmushi ta hanyar abin da ya faru, ba tare da an rubuta "cikin ban dariya" ba. Dokar da nake riƙe da ita ke nan: kada ku gaya wa alƙali abin da zai ji. Ku goge "mai ban tausayi", "mai sosa rai", "mai cike da darasi". Idan yaron da ya wuce bai dube ta ba bai taɓa mai karatu ba, rubuta "abin tausayi" a gefensa ba zai taɓa shi ba.

Shafi ɗaya yana da farashi, kuma dole a biya. A cikakken rubutun Uwar Adashi za a iya samun mijin Ladidi, da kishiyarta, da ango, da ɗan sandan da ke tausayin yaron, kowanne da nasa ƙaramin labari. Babu ɗayansu a shafin. Suna huɗu kawai na bari, kowanne da manyan haruffa a karon farko da ya bayyana, kamar yadda ake yi a rubutun fim. Sauran kuwa "kafinta" ne da "malaminsa". Da zarar sunaye sun haura biyar, mai karatu zai fara komawa baya yana neman wane ne wane, kuma wanda ke komawa baya ya daina bin labari. Na san zafin yanke fitowar da kuka fi so, wadda kuka kwana kuna gyara zancenta. Tana nan a cikin rubutun, ba ta mutu ba. Aikin shafin shi ne ya kai alƙali wurinta.

Na zo kan abin da ba a cika faɗa a fili ba, wanda na tabbata shi ne ainihin dalilin ɓoye ƙarshe a wajen da yawa daga cikinku: tsoron a sace labarin. Wannan tsoro ba hauka ba ne. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya ji labarin marubucin da ya ba da labarinsa a zaune, bayan 'yan watanni ya gan shi a allo da sunan wani. Amma ku duba da kyau, ɓoye sakin layi na ƙarshe ba ya kare komai, domin gasar za ta karɓi cikakken rubutun ko yanzu ko a zagaye na gaba. Kariyarku tana wani wuri. A dokar haƙƙin mallaka, haƙƙi yana tabbata ne da zarar an rubuta aiki, kuma rubutun da aka yi take karewa, ba ta kare ra'ayin da ke yawo a baki. Don haka wanda ya rubuta ya fi wanda ya ba da labari a majalisa tsira. Ku ajiye kwafi masu kwanan wata, ku ajiye saƙon da ya nuna ranar da kuka tura, kuma a Najeriya Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka tana karɓar rajistar ayyuka. Sannan ku karanta sharuɗɗan gasar kafin ku tura. Idan sun ce duk abin da aka turo ya zama mallakinsu ko an ci ko ba a ci ba, ku riƙe kayanku ku nemi wata. Idan kuwa kun yarda da gasar har kuka shiga, to ku shiga da ƙafa biyu.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma suna kayar da mutum. Idan an ƙayyade yawan kalmomi, ku tsaya a ƙasa da shi; kada ku ƙanƙance haruffa ko ku cinye gefen takarda don ku cusa shafi ɗaya da rabi, ana ganewa da kallo ɗaya. Girman harafi 12 ya wadatar. Rubutun fim ɗin kansa da Courier ake buga shi, inda shafi ɗaya ke zama kusan minti ɗaya a allo, amma taƙaitawar duk harafi mai sauƙin karantawa ya yi, sai in an ce ga wanda ake so. Ku tura a PDF don kada tsarin ya wargaje a na'urar wani. Gasa da yawa ba sa son sunan marubuci a jikin takarda don alƙali ya karanta bai san mai shi ba, kuma barin suna a irin wannan wuri yana iya sa a fitar da mutum. Idan an nemi jimla ɗaya ko biyu da ke ɗauke da jigon fim, ita daban ce, a can an yarda a bar ƙarshe a rufe. Kada ku haɗa aikinta da na wannan shafi.

Idan gasar da Turanci ko Faransanci ake shiga, shawarata ita ce ku fara rubuta shafin da Hausa, harshen da labarin ya zo muku da shi, har sai ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan ku zauna da wanda ya iya harshen sosai ku juya shi tare, ku gaya masa cewa a can ana ba da irin wannan labari ne kamar yanzu yake faruwa. Adashi da almajiri sai a bayyana su da 'yan kalmomi a karon farko, a wuce. Kada kunyar Turanci ta hana ku. Ana iya gyara nahawu a yini ɗaya, amma babu mai gyaran da zai ƙirƙiro muku shirun Ladidi.

Kafin ku tura, ku yi gwaji guda. Ku sami wanda bai san labarin ba, ƙanwa ko maƙwabci ko abokin rumfa, ku karanta masa shafin sau ɗaya, ku kife takardar, ku ce ya maimaita muku. Idan ya faɗi wace ce jarumar, abin da take nema, abin da ta aikata da yadda aka ƙare, shafin ya yi. Idan ya tsaya yana tambaya "to wane ne Sanin nan?" ko "me ya hana ta tafiya?", ya nuna muku jimlar da za ku gyara, kyauta. Kada ku yi masa bayani da baki, domin ba za ku kasance a ɗakin alƙalai ku yi bayani ba. Ku koma ku sa amsar a takarda.

Abin da nake so ku riƙe shi ne ƙofar gasa ba ta tambayar ɗan wa kake, ba ta neman kuɗin kyamara ko sanin furodusa ko fuskar fitaccen jarumi. A harkar da aka saba sa sunan marubuci a can ƙasa, a biya shi bayan an biya kowa, ga wuri guda da aikinsa kaɗai ake dubawa. Kuna da labarai, kun kuma sha wahalar da ta koya muku kai labari ƙarshe cikin matsi. Ku ɗauko rubutun nan da ke kwance a waya ko a cikin jaka, ku ware dare biyu ko uku, ku fara da rubuta sakin layi na ƙarshe tukuna, wanda kuka saba ɓoyewa, sannan ku gina sauran ukun su iso gare shi. Ku karanta wa wani, ku gyara, ku duba ranar rufe gasa, ku tura tun da sauran kwanaki. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a alƙalumanku.